Yadda ake neman ragi a wurin mai sayar maka da kaya ta imel ba tare da an ɓata ba

A Kantin Kwari ko kasuwar Sabon Gari, idan mai kaya ya sa suna ka taya da rabi, zai ce albarka, ka yi dariya, ka yi kamar za ka tafi, ya kira ka, ku daidaita. Fuska da murya su ne suke ɗauke zafin tayin. A imel babu fuska, babu murya, kuma abin da ka rubuta yana nan ajiye, za a iya buɗe shi bayan wata shida a nuna maka. Shi ya sa saƙon da ya ce "farashinku ya yi tsada, ku ba ni na ƙarshe" yakan jawo ɗayan abu biyu: ko a yi maka shiru, ko a amsa maka da ragi sannan a cire kuɗin daga jikin kayan ba ka sani ba.

Hanyar da take aiki ita ce kada ka taɓa neman ragi tsirara. Duk abin da ka nema, ka ɗaura shi a kan wani abu da za ka bayar, kuma ka ba mai kayan hanya fiye da ɗaya ya zaɓa. Zan bi wannan da misali guda daga farko har ƙarshe: ɗan kasuwa a Kano da yake sayen fitilun sola daga wani kamfani a yankin Yiwu na ƙasar Sin, wanda ya taɓa yi wa ciniki a baya kayan suka zo lafiya. Alƙaluman na misali ne, domin a ga yadda lissafin yake tafiya. Saƙonnin kuma na rubuta su da Hausa. Duk yaren da za a mayar da su, tsarinsu ne ake so a riƙe.

Mataki na farko: karanta farashin da aka turo maka gaba ɗayansa

Kamfanin ya turo cewa fitila ɗaya dala 6.80 ce, FOB Ningbo, MOQ 1,000, a biya kashi 30 cikin ɗari kafin alƙalami, sauran 70 kafin a loda kaya, aiki zai ɗauki kwana 30, kowace fitila a kwalinta mai launi.

Mai gaggawa 6.80 kawai yake gani. Amma kowane abu a layin nan wurin ciniki ne. MOQ shi ne mafi ƙarancin adadin da za su yarda su yi maka. FOB Ningbo yana nufin su ne za su ɗauki nauyin kayan har a ɗora su a kan jirgin ruwa a tashar Ningbo, daga nan kuɗin jirgi da haɗarin hanya naka ne. Da sun rubuta EXW, to a ƙofar masana'anta aikinsu ya ƙare, kuɗin mota zuwa tasha da takardun fitar da kaya duk a kanka suke. Akwai masu sayarwa da idan ka matsa musu sai su ce sun yarda da ragi, amma a takardar da ta biyo baya sun mayar da FOB ya koma EXW. Farashin ya sauka a ido, a aljihu kuwa bai motsa ba.

Mataki na biyu: fitar da iyakarka kafin ka rubuta ko harafi ɗaya

Lissafin daga Kano yake farawa ya koma baya. A ce fitilar tana fita sari a kan abin da ya yi daidai da dala 10. Kuɗin jirgi, kwastan, fito da kaya daga tasha da dako zuwa Kano sun tashi kamar dala 2.20 a kan kowace ɗaya. Ribar da ba za ka iya yin ƙasa da ita ba dala 1.30 ce. Abin da ya rage 6.50 ne. Wannan ita ce iyakarka, kuma ba a faɗa wa mai kaya ita. Ka rubuta ta a takarda ka ajiye kusa da kai, domin idan saƙonni suka fara kai da komowa, mutum yakan manta dalilin da ya sa ya tsaya inda ya tsaya.

Sannan ka nemi farashi daga kamfani biyu ko uku daban, a kan kaya iri ɗaya sak. A misalinmu wani kamfani ya ce 6.30. Da aka duba takardarsa sai aka ga batirinsa 1,800mAh ne, alhali na kamfanin farko 2,400mAh. Wannan ba farashin da za ka ɗaga wa mutum ba ne ka ce ga wanda ya fi ka sauƙi, domin shi ya san kasuwarsa fiye da kai, tambaya ɗaya zai yi maka a kan batiri ka rasa amsa. Wani kamfani na uku ya ce 6.55 da batiri iri ɗaya, sai dai ba ka taɓa ciniki da shi ba. Wannan shi ne madogararka ta gaskiya: idan magana ta watse, ka san inda za ka nufa da kuma abin da zai ci maka.

Kada ka ƙirƙiro farashin da babu shi. Masana'antun da suke yin kaya iri ɗaya sau da yawa a yanki ɗaya suke, wurin mutum ɗaya suke sayen batiri da roba. Idan ka ce an ba ka 5.50, sun san ƙarya ce, kuma daga ranar duk abin da ka faɗa sai an raba shi biyu kafin a yarda.

Mataki na uku: jera abin da za ka iya bayarwa

Nan ne ainihin aikin yake, kuma nan ne mutane suka fi tsallakewa. Zauna ka tambayi kanka: me ke da arha a wurina amma yake da daraja a wurin masana'anta?

Yawan kaya shi ne na farko. Saita inji da shirya layin aiki kuɗinsa ɗaya ne ko dubu za a yi ko dubu biyu, don haka idan adadi ya ƙaru, kuɗin kowace ɗaya yana sauka da gaske. Amma kada ka sayi ragi da jarin da zai kwanta a sito wata takwas, balle kaya mai batiri da ba ya son dogon zama a zafi.

Kwali shi ne na biyu. Idan masu sarinka a ƙauyuka suke rabawa, kuma ba wanda yake duba hoton da ke jikin kwali, kwali fari ko ruwan ƙasa ya ishe ka, kuma ya rage musu kuɗin ɗab'i. Haka nan idan ka haƙura da buga tambarinka ka karɓi kayan da suke yi wa kowa.

Na uku lokaci. Masana'anta tana son odar da za ta iya sakawa a duk inda ta sami sarari. Idan ba ka cikin sauri, ka ce ka yarda da kwana 45 maimakon 30, ka ba su abu mai amfani ba tare da ka kashe ko sisi ba. Ka kuma lura da kalandarsu. Sabuwar shekarar Sin tana faɗawa tsakanin ƙarshen Janairu da tsakiyar Fabrairu (a 2025 ta kama 29 ga Janairu, a 2026 kuma 17 ga Fabrairu), masana'antu suna rufewa na makonni, kuma gab da ita aiki yana yi musu yawa. Wanda ya zo neman ragi a makonnin nan, yana kuma son kayansa su fita kafin hutu, ba shi da abin riƙewa. Akwai kuma hutun makon farko na Oktoba.

Na huɗu yadda ake biya. Ƙara kafin alƙalami daga kashi 30 zuwa 40 ko 50 yana taimaka musu sayen kayan aiki ba tare da bashi ba. Wannan kam da kamfanin da ka riga ka gwada kawai ake yin sa. Da baƙo, kuɗin da ka riƙe shi ne kawai abin da zai sa a saurare ka idan kaya suka fito da matsala, don haka kada ka sayar da shi a kan ragin santi goma na dala. Biyan kuɗi duka kafin a duba kaya kuwa, ban yarda da shi ba ko da wa ake yi.

Mataki na huɗu: saƙon farko

Ka amsa a cikin zaren saƙon da suka turo farashin, kada ka buɗe sabo, domin duk maganar ta zauna wuri ɗaya. Ka tuna cewa wanda yake karanta saƙonka galibi ma'aikacin sashen ciniki ne, ba mai kamfani ba. Yana son cinikin ya faɗa domin yana da kasonsa, amma ragi mai yawa sai ya kai wa shugabansa. Aikinka shi ne ka ba shi hujjar da zai shiga ofis da ita. "Kwastoma ya ce a rage" ba hujja ba ce. "Kwastoma zai ninka oda idan aka rage" hujja ce.

> Barka da aiki. Na gode da farashin da kuka turo. Kayan da muka karɓa a baya sun yi kyau, masu sayenmu ba su kawo ƙorafi ba, shi ya sa nake son wannan odar ma ta zama taku.
>
> Matsalar ita ce a kan dala 6.80, idan na haɗa kuɗin jirgi da kwastan da dako zuwa Kano, kayan ba za su fita a kasuwarmu ba. Ga hanyoyi uku, duk wadda ta fi muku sauƙi na yarda da ita:
>
> 1. Idan kuka sa 6.30, zan ɗauki guda 2,000, sauran sharuɗɗa yadda suke.
> 2. Idan kuka sa 6.45, zan ɗauki 1,000 a kwali mara ɗab'i, in biya rabi kafin alƙalami, in kuma ba ku kwana 45.
> 3. Idan farashi ba zai motsa ba, a bar shi 6.80, ku yi mini gyaran fitila 50 a kan dubun.
>
> Duka ukun a kan FOB Ningbo ne, da batiri 2,400mAh da farantin sola irin na samfurin da ke hannuna. Idan akwai wata hanyar da za ta rage muku kuɗin aiki wadda ban hango ba, ku faɗa mini. Ina so in tura kafin alƙalami a cikin makon nan da zarar mun daidaita.

Duba yadda aka jera kowane layi. Sharaɗi ne a gaba, alkawari a baya: idan kuka yi kaza, zan yi kaza. Da ka fara da "zan ɗauki 2,000, nawa za ku rage?", ka riga ka bayar da yawan kyauta, abin da zai biyo baya sai yadda suka ga dama. Sannan laifin tsadar an ɗora shi a kan kasuwa da kuɗin hanya, ba a ce sun tsauwala ba. Mutum yana iya taimaka maka a kan matsalarka cikin daɗin rai, amma idan ka zarge shi, kare kansa zai tsaya yi.

Zaɓi na uku yana da amfani na musamman. Wasu kamfanoni ba sa son taɓa farashin da ke rubuce, domin kada ya zama abin da sauran kwastomomi za su ji su nema, amma gyara ba ta yi musu wuya. Dala 6,800 a kan fitila 1,050 ya koma kusan 6.48 kowace ɗaya, wato yana cikin iyakarka. Sai dai ka sa a rubuta gyaran a takardun kaya yadda ya kamata, kada adadin da ke kwantena ya saɓa da na takarda a gaban kwastan.

Abu mafi muhimmanci shi ne kada ka saka zaɓin da ba za ka iya cikawa ba. Idan ba ka da kuɗin guda 2,000, wato dala 12,600, cire shi. Ranar da suka ce sun yarda da na ɗaya kai kuma ka fara kame-kame, ka zubar da mutuncin da ka daɗe kana tarawa. Uku kuma sun isa. Idan suka kai biyar, ma'aikacin zai tsinci abin da ya yi masa daɗi daga kowanne ya haɗa maka nasa.

Game da kamfanin nan na uku, a saƙon farko ban ambace shi ba, kuma da gangan ne. Abin ajiya ne.

Agogon Sin yana gaban na Najeriya da Nijar da awa 7. Ƙarfe tara na safe a Kano ƙarfe huɗu ne na yamma a can, sun kusa tashi. Saƙon da ka tura da daddare kafin ka kwanta shi za su tarar da safe, ka tashi ka iske amsa.

Mataki na biyar: idan amsa ta zo

A ce sun amsa cewa batiri ya yi tsada, 6.30 ba zai yiwu ba, amma za su iya 6.55 a kan guda 2,000. Wannan amsa ce mai kyau. Sun motsa, sun kuma nuna maka cewa yawa ne abin da ya fi jan hankalinsu. Kada ka amsa a cikin minti biyar, kada kuma ka yi kwana huɗu kana ja musu rai. Washegari ya yi daidai.

Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne a ce "to mu raba bambancin". Raba bambanci ragi ne da ka yi ba a ba ka komai ba. Maimakon haka, ka sake haɗa sharuɗɗan, kuma yanzu ne lokacin ambaton kamfanin nan na uku, a matsayin labari, ba barazana ba.

> Na gode da kuka duba maganar, na kuma fahimci batun batiri. Gaskiya ina da wani farashi na 6.55 a kan guda 1,000 kacal da batiri iri ɗaya, amma na fi son in ci gaba da ku saboda na san aikinku. A kan 6.55 ba zan iya ɗaukar nauyin 2,000 ba. Idan za ku iya 6.45, zan ɗauki 1,500 a kwali mara ɗab'i, in biya kashi 40 kafin alƙalami, da kwana 45. Idan wannan ya yi, ku turo takardar farashi yau in biya gobe.

Ba a faɗi sunan ɗayan kamfanin ba, ba a kuma tura takardarsa ba. Wanda ya tura wa wannan takardar wancan, ya nuna cewa gobe tasu ma zai tura wa wani.

Ka lura da girman takun. Daga 6.30 ka hau zuwa 6.45, santi 15. Idan za ka sake hawa, ya zama santi 3 ko 5, kuma da wani abu a madadinsa. Takun da yake ƙanƙancewa yana gaya musu cewa ka kusa bango ba tare da ka furta ba. Wanda ya hau santi 10, ya sake hawa 20, ya koya musu cewa jira yana biya.

Idan sun yarda, lissafin ya zama 1,500 sau 6.45, dala 9,675. Kafin alƙalami 3,870, saura 5,805. A farashin farko da ka biya 10,200, wato ka tsira da dala 525, su kuma sun sami oda mafi girma da kuɗi a hannu da wuri. To a nan ka tsaya. Kada bayan an sallama ka dawo da "ku ɗan ƙara mini batiri ashirin kyauta". Wannan ɗan ƙarin na bayan sallama ya fi tayin wulaƙanci ɓata dangantaka, domin ma'aikacin ya riga ya je ya karɓo amincewar shugabansa, yanzu ka sa shi ya koma da kunya. Zagaye biyu ko uku na saƙo ya isa ciniki irin wannan.

Alamar da ya kamata ta tsorata ka

Idan ka nemi ragi mai yawa aka ce "to" nan take ba tare da an nemi komai ba, kada ka yi murna tukuna. Masana'anta ba ta aiki a kan asara. Kuɗin zai fito daga wani wuri: batiri ƙarami a cikin gida iri ɗaya, roba mai laushi, waya siririya, farantin sola da bai kai ba. A fitila, sai bayan wata biyu masu saye sun fara dawo da ita suna cewa ba ta kai asuba za ka gane. Maganinsa shi ne abin da ka gani a saƙon farko: duk lokacin da ka rubuta farashi, ka rubuta siffar kayan a gefensa. Kuma ka sa sharaɗin cewa sauran kuɗin sai bayan wakilinka ko kamfanin duba kaya ya buɗe katan-katan da ya zaɓa da kansa, ya gwada su da samfurin da kuka amince da shi.

Mataki na shida: ɗaure magana

Sau da yawa ƙarshen ciniki a WeChat, manhajar hira ta mutanen Sin, ko WhatsApp yake faɗawa, ko a waya. Babu laifi, amma a ranar ka tura imel da ya tattara komai: adadi, farashi, FOB Ningbo, ƙarfin batiri, irin kwali, kashi 40 da 60, kwana 45 daga ranar da kuɗi ya shiga, duba kaya kafin cikon kuɗi. Ka nemi su amsa da cewa haka ne. Idan takardar farashi, wadda suke kira PI, ta zo, ka bi ta layi-layi da wannan saƙon kafin ka kai ta banki don buɗe Form M, takardar da mai shigo da kaya Najeriya yake cikewa, domin gyara bayan an buɗe wahala ce.

Ka duba asusun bankin da ke jikinta. Sunan asusun ya zama na kamfanin, kuma ya zama wanda ka saba biya. Ɓarayin intanet suna shiga akwatin imel su zauna shiru suna karanta ciniki, sai an zo biya su turo saƙo daga adireshi mai kama da na gaske, harafi ɗaya ne bambanci, su ce an canza asusu. Duk saƙon da ya ce an canza asusu, kada ka amsa shi ta imel. Kira lambar da ka daɗe da sani, da bidiyo idan zai yiwu, ka ji daga bakin wanda ka sani.

Idan ba a daidaita ba

Wani lokaci za su tsaya a 6.60 su ce nan ne ƙarshe, kai kuma iyakarka 6.50. Kada ka ɓace ba sallama, kada kuma ka rubuta da fushi. Ma'aikacin ya ɓata lokacinsa a kanka, kuma mai yiwuwa ne sabon kamfanin ya ba ka kunya ka dawo nan da wata huɗu.

> Na gode ƙwarai da ƙoƙarin da kuka yi mini. A wannan karon lissafin bai fita ba, don haka zan yi wannan odar a wani wuri. Ba don wani laifi a kayanku ba ne. Idan farashin batiri ya sauka, ko kuna da ragowar kaya irin wannan a sito da kuke son fitarwa, ku sanar da ni. Zan sake tuntuɓar ku kafin odar gaba.

Akan sami kamfanin da zai dawo bayan kwana biyu da sabon farashi. Idan ya dawo kafin ka biya wa ɗayan kafin alƙalami, kuma farashin ya shiga iyakarka, ka karɓa ba tare da ka sake matsawa ba, sannan ka rubuta wa wanda ka bari saƙon godiya irin wannan. Idan kuwa ka riga ka biya, ka gaya musu gaskiya cewa an makara, ka nemi su riƙe maka farashin zuwa odar gaba, kuma su rubuta har zuwa wace rana yake aiki.